Rumbun Tambayoyi: Yadda Ake Tanadin Jarrabawa Tun Kafin Ranarta

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta ta shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta, bayan ta fara gwada tsarin a 2013. Jarrabawar tana ɗaukar kwanaki, kuma a kowace rana ana shiga rukuni-rukuni. Da takarda ɗaya ce tal ake ba kowa, da wanda ya shiga da safe ya fito ya karanta wa na yamma tambayoyin a bakin ƙofa. Don haka dole ne hukumar da ke irin wannan aiki ta mallaki tarin tambayoyi masu yawa, ta kuma san halin kowace ɗaya: daga wane darasi ta fito, me take aunawa, kuma yaya tsaurinta yake. In ba haka ba, wani ɗalibi zai dace da masu sauƙi, wani ya faɗa hannun masu tsauri, a ce kuma jarrabawa ɗaya suka yi.

Wannan tari shi ake kira rumbun tambayoyi, kuma ba sai babbar hukuma ce kaɗai ke iya gina shi ba. Malamin lissafi na aji biyu a ƙaramar sakandare ma zai iya, da kwamfutar ofis ko da katuna a cikin kwali. Shi ne ma ya fi kowa buƙatarsa, domin duk wanda ya san ɗakin malamai ya san yadda makon da ke gaban jarrabawar ƙarshen zango yake: jami'in jarrabawa yana bibiya, mai buga takarda yana jira, malami kuma yana juya littafi cikin dare yana tsamo duk tambayar da idonsa ya faɗa kanta. Abin da yakan fito daga irin wannan gaggawa sananne ne. Darasin da aka koyar a makon jiya yakan kwashe rabin takardar, wanda aka yi a farkon zango ya tashi da tambaya ɗaya, kuma kusan dukkansu na hadda ne, saboda su suka fi saurin rubutuwa.

Tara tambayoyi ba shi ne aikin ba. Malamai da yawa suna da tsofaffin takardun jarrabawa na shekaru jibge a durowa, amma in aka ce su fito da tambaya huɗu masu matsakaicin tsauri a kan riba da asara, sai sun yi awa suna bincike. Abin da ke mayar da tsibi ya zama rumbu shi ne alamomin da aka maƙala wa kowace tambaya. Mai shagon magani ba ya zuba kayansa a buhu ɗaya. Kowace kwalba da takardarta da kantarta, shi ya sa yake miƙa hannu ya ɗauko abin da aka nema ba tare da ya waiwaya ba.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar aikin ita ce a bi tambaya guda ɗaya, daga ranar da aka rubuta ta zuwa ranar da ta shiga takarda.

Tambaya ɗaya da katinta

A ɗauka malamin ya gama koyar da riba da asara, sai ya zauna a ranar, tun darasin yana da ɗumi a kansa, ya rubuta wannan: ɗan kasuwa ya sayi buhun masara a kan naira 40,000, ya sayar a kan naira 50,000, kashi nawa cikin ɗari ya ci riba? Zaɓi huɗu ne, 10 da 20 da 25 da 80. Amsar ita ce 25, domin ribar naira 10,000 ce, kuma da kuɗin saye ake auna ta.

Sauran zaɓin ukun ba da ka aka zuba su ba. Yaron da ya raba ribar da kuɗin sayarwa maimakon kuɗin saye zai sami 20. Wanda ya ga 10,000 ya yanke sifirai kawai zai ɗauki 10. Wanda ya raba 40,000 da 50,000 ya tsaya a nan zai ɗauki 80. Kowane zaɓi na kuskure yana wakiltar wani kuskure na gaskiya da yara ke yi, kuma yana da kyau malami ya rubuta wannan bayani a jikin katin, domin bayan shekara biyu shi kansa zai manta dalilin da ya sa ya saka 80.

Abu na farko da tambayar ke samu shi ne lamba tata ta kanta wadda ba ta canjawa har abada, misali `LIS-JS2-014`. Ana iya gyara kalmomin tambaya, ana iya sauya mata alama, amma lambar tana nan, kuma ko an jefar da tambayar ba a ba wata lambarta. Da ita ake gane cewa wadda ta zo ta bakwai a gwajin bara ita ce ta goma sha biyu a na bana. Bayan lamba sai tambayar kanta, da zaɓinta, da amsa. A nan akwai wata 'yar dabara da ke hana ɓarna: a rubuta amsar da kanta, wato 25, kada a tsaya ga harafin da take ƙarƙashinsa. Ranar da aka cakuɗa jerin zaɓin don hana leƙe, harafin zai canja, 25 kuwa ba za ta canja ba. Wannan dalilin ne kuma ya sa zaɓin da ke cewa duk na sama daidai ne ba ya zama lafiya a rumbu, domin in cakuɗawa ta kai shi saman jeri, babu sauran abin da ke samansa.

Sai alamomi uku: maudu'i, ƙwarewa da tsauri.

Maudu'i shi ya fi sauƙi, amma a nan aka fi yin sakaci. Tambayar masara tana iya shiga ƙarƙashin lissafi, ko lissafin kasuwanci, ko riba da asara, ko ribar kashi cikin ɗari idan an san kuɗin saye da na sayarwa. Na farko ya yi faɗi har ba ya taimakon kowa, na ƙarshe ya yi ƙunci har tambaya biyu ce kawai za ta taɓa zama a ƙarƙashinsa. Ma'auni mai kyau shi ne tsarin aikin zango da malami ya riga ya ciro daga manhajar hukumar NERDC: abin da ake koyarwa a mako ɗaya ko biyu, shi ne maudu'i ɗaya. A rubuta jerin sunayen maudu'an tun kafin a shigar da tambaya ko ɗaya, a kuma kulle jerin. Kwamfuta ba ta da uzuri. In malami ɗaya ya rubuta riba, na biyu ya rubuta riba da asara, na uku ya rubuta ribar kasuwa, a wurinta maudu'i uku ne daban-daban. Ga mai aiki da Hausa akwai ƙarin tarko, domin kalmar da aka buga da harafi mai lanƙwasa da wadda aka buga ba lanƙwasa ba ɗaya suke ba a idon na'ura. Maganin shi ne a sa gidan alamar ya zama na zaɓi daga jeri, abin da Excel ke kira `Data Validation`, ta yadda babu mai buga alama da hannunsa.

Abin da ake so ƙwaƙwalwar yaro ta yi

Alamar ƙwarewa tana da tarihi da ya shafi wannan aiki kai tsaye. A 1948, a wani taron masana halayyar ɗan Adam a birnin Boston na Amurka, wasu masu shirya jarrabawa na jami'o'i suka zauna suka tattauna wata matsala: suna so su riƙa musayar tambayoyi a tsakaninsu don su tara rumbu, amma ba su da harshe ɗaya na bayyana abin da kowace tambaya ke aunawa. Aikin da ya biyo baya, ƙarƙashin jagorancin Benjamin Bloom na Jami'ar Chicago, ya fito a littafi a 1956 da matakai shida na tunani. A 2001 Lorin Anderson da David Krathwohl suka jagoranci sake fasalinsa, matakan suka zama tunawa, fahimta, amfani, nazari, tantancewa da ƙirƙira. Duk wanda ya yi kwalejin ilimi ya haddace su don cin jarrabawa, amma kaɗan ne aka gaya wa cewa don a samu damar tsara rumbun tambayoyi aka fara ƙirƙiro su.

Ga malamin aji, shida sun yi yawa. A ba malamai biyu tambaya ɗaya a ce su zaɓa tsakanin fahimta da amfani, sau da yawa za su saɓa, kuma alamar da mutum biyu ba sa yarda a kanta ba ta da amfani. Ban da haka, tambayar canki-canka ba ta iya auna ƙirƙira, tunda yaro zaɓa yake yi daga abin da aka ajiye masa. Uku sun wadatar: tunawa, amfani da nazari.

A maudu'in riba kaɗai ana iya ganin bambancinsu. Tambayar da ta ce, idan kuɗin sayarwa ya fi kuɗin saye me ake kiran bambancin, ta tunawa ce. Yaro ya ji a aji, ya dawo da abin da ya ji. Tambayar masara ta amfani ce, domin sai ya ɗauki ƙa'idar da ya koya ya ɗora ta kan lambobin da bai taɓa gani ba. Ta nazari kuwa ga irinta: wani ya sayi kaya na naira 40,000 ya sayar 50,000, wani ya sayi na naira 100,000 ya sayar 115,000, wanne ne jarinsa ya fi yi masa aiki? Na biyu ya fi samun kuɗi a hannu, naira 15,000, amma ribarsa kashi 15 ce, ta na farko kuwa kashi 25. Ba a gaya wa yaro ya nemi kashi cikin ɗari ba. Shi zai gane cewa da shi ne za a yi hukunci.

Akwai sharaɗi guda da ake yawan mantawa. In malami ya warware wannan tambaya ta 'yan kasuwa biyu a kan allo da lambobinta ɗin nan, sannan ya kawo ta a jarrabawa, ta sauka daga nazari ta koma tunawa. Alamar ƙwarewa tana tafiya ne da abin da yaran suka riga suka gani, shi ya sa ba a zuba misalan aji a rumbu sai an sauya musu lambobi da labari.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne a ɗauka ƙwarewa da tsauri abu ɗaya ne, wato duk ta tunawa mai sauƙi ce, duk ta nazari mai wuya ce. Ba haka ba ne. A tambayi yara wata shekara da aka ambata sau ɗaya a gefen littafin tarihi, kusan duk ajin zai faɗi, alhali tunawa ce zalla. A ce musu an sayi abu naira 100 an sayar 110, kusan kowa zai ce kashi 10, alhali amfani ne. Alamomi biyu ne daban, kuma kowace da gidanta.

Tsauri: hasashen malami da shaidar yara

Ranar da aka rubuta tambaya, alamar tsaurinta hasashe ce kawai. Malamin ya dubi tambayar masara ya ce mai sauƙi ce, domin shi da ka yake warware ta. Ya rubuta hakan, amma da fensir. Tsaurin gaske ba ya bayyana sai yara sun amsa.

A ɗauka yara 60 suka yi gwajin, 33 suka zaɓi 25, yara 21 suka zaɓi 20, uku suka zaɓi 10, uku suka zaɓi 80. Ana raba adadin waɗanda suka ci da adadin duka: 33 cikin 60 ya ba da 0.55. Wannan shi ne ma'aunin tsauri, kuma yana tafiya ne a juye, domin yadda lambar ta yi girma haka tambayar ta yi sauƙi. Babu wata doka guda a kan iyakoki, amma abin da aka saba shi ne a ɗauki abin da ya haura 0.7 a matsayin mai sauƙi, abin da ya gaza 0.3 mai tsauri, na tsakaninsu kuma matsakaici. Ke nan tambayar masara matsakaiciya ce, hasashen malamin bai faɗa daidai ba. Sai ya goge fensir ya rubuta da biro.

Ƙidayar ta nuna masa wani abu da ya fi alamar daraja. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ajin suna raba riba da kuɗin sayarwa. Ba lissafi ne ya gagare su ba, ƙa'idar ce ta shiga musu a karkace, kuma minti goma a darasi na gaba za su iya daidaita ta. Da zaɓin nan na 20 babu shi a takardar, da malamin bai taɓa sani ba.

Akwai awo na biyu da ke nuna ko tambayar tana iya bambance wanda ya iya da wanda bai iya ba. Ana jera takardun yara bisa jimillar makinsu, a ware kashi 27 cikin ɗari na sama da kashi 27 na ƙasa, adadin da masanin ƙididdiga Truman Kelley ya ba da shawararsa a 1939. A aji mai yara 60, wannan ya kama takardu 16 a kowane ɓangare. A ce 14 daga na sama sun ci tambayar masara, huɗu kacal daga na ƙasa suka ci. Ana cire huɗu daga 14, a raba goman da ta rage da 16, a sami kusan 0.63. Masana awon ilimi sukan ɗauki 0.4 zuwa sama a matsayin tambaya mai kyau ƙwarai, abin da ya gaza 0.2 kuma a sake duba shi. Tambayar masara ta cancanci zama a rumbu.

Yanzu a kwatanta ta da wata a gwajin guda, wadda yara 15 kawai suka ci, wato 0.25. Mai gaggawa zai maƙala mata alamar tsauri ya wuce. Amma da aka duba ɓangarorin biyu, sai aka ga yara biyu ne daga na sama suka ci, shida daga na ƙasa. Biyu a cire shida, a raba da 16, ya ba da 0.25 a ƙasa da sifiri. Duk lokacin da raunana suka fi haziƙai cin tambaya, laifin yana jikin tambayar. Mafi yawan lokuta amsar da aka rubuta a takardar maki ce ba daidai ba, ko kuma akwai zaɓi biyu da duka za a iya karewa, haziƙai suka hango na biyun. Irin wannan ba a ba ta alamar tsauri. Fitar da ita ake yi a gyara, kuma adalci ya ce a mayar wa yaran makinsu. Wani abin lura shi ne, a tambaya mai zaɓi huɗu, ko ajin duka ya rufe ido ya canka, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zai dace. Saboda haka 0.25 tana iya nufin babu wanda ya san amsar kwata-kwata.

Wani tushen tsauri na ƙarya shi ne harshe. A nan an kawo tambayar da Hausa, amma a sakandare da Turanci za ta zo. Idan aka lulluɓe lissafi mai sauƙi da jimla mai tsawo da baƙin kalmomi, yaro zai faɗi ne a Turanci, a rubuta masa cewa ya faɗi a lissafi. Hanyar ganewa ita ce a kira biyu ko uku daga waɗanda suka faɗi, a karanta musu tambayar da Hausa. In suka warware ta nan take, jimlar ce ke buƙatar gyara.

Dole ne a faɗi iyakar waɗannan lambobi. Tsaurin da aka samu na wannan ajin ne, a wannan lokacin. Tambayar da ta ba da 0.55 mako ɗaya bayan darasi tana iya sauka a ƙarshen zango, tana iya hawa a ajin da ya fi ƙarfi. A aji mai yara 20 kuwa, yaro biyu su yi zazzaɓi ma ya isa ya karkatar da lambar. Manyan hukumomin jarrabawa a duniya suna amfani da hanyoyin ƙididdiga masu zurfi, irin wadda masanin lissafi ɗan ƙasar Denmark Georg Rasch ya wallafa a 1960, don raba tsaurin tambaya da ƙarfin waɗanda suka amsa ta. Malamin aji ba ya buƙatar wannan. Abin da yake buƙata shi ne ya rubuta adadin yaran da ranar a gefen kowace lamba, kada kuma ya ɗauki alamar a matsayin tabbatacciya sai tambayar ta fita sau biyu ko uku.

Ranar haɗa takarda

A nan wahalar baya take biya. Malamin ba ya fara da buɗe rumbu; yana fara da farar takarda, ya zana jadawalin abin da yake so. A ce gwaji ne na tambaya 20 a kan maudu'i uku. Kashi cikin ɗari ya ci lokaci mafi yawa a aji, sai ya ba shi takwas, riba da asara bakwai, rabo biyar. A cikin bakwai ɗin riba, yana son biyu na tunawa, huɗu na amfani, ɗaya ta nazari. A takardar gaba ɗaya kuma yana son shida masu sauƙi, goma matsakaita, huɗu masu tsauri. Sai bayan ya gama wannan yake zuwa rumbu ya tace.

Idan a Excel ko Google Sheets yake aiki, kowace tambaya tana da layinta na kwance, kowace alama kuma da layinta na tsaye. A ce maudu'i yana `C`, ƙwarewa tana `D`, tsauri yana `E`, to wannan zai gaya masa ko tambaya nawa yake da su na irin da yake nema:

```
=COUNTIFS(C:C,"riba da asara",D:D,"amfani",E:E,"tsaka")
```

In amsar ta fito tara, yana da zaɓi. In ta fito ɗaya alhali huɗu yake so, ya ga ramin da ke rumbunsa, kuma ya san ainihin irin tambayar da zai zauna ya rubuta. Makarantun da ke amfani da Moodle, manhajar koyarwa ta kyauta da Martin Dougiamas na ƙasar Ostireliya ya fitar a 2002, suna da wannan a gine: ana ajiye tambayoyi rukuni-rukuni da alamominsu, manhajar ta ɗebo wa kowane ɗalibi nasa, ta kuma ƙidaya tsaurin kowace tambaya bayan gwaji. Wanda ba shi da wuta ma ba a bar shi a baya ba. Kati ɗaya ga kowace tambaya, a raba kwalin bisa maudu'i, a shafa launi a kusurwar kati don ƙwarewa, a rubuta tarihin fitarta a bayansa.

Tsaurin da aka auna yana ba malami wani iko da ba shi da shi a da: yana iya hasashen matsakaicin makin ajin tun kafin a zauna. Ana tara ma'aunin tambayoyin ne kawai. In shida masu sauƙin suna wajen 0.85, sun ba da 5.1, goma na 0.55 sun ba da 5.5, huɗu na 0.25 sun ba da 1. Jimilla 11.6 cikin 20. In hakan ya yi masa ƙasa ga gwajin farkon zango da ake so ya ƙarfafa wa yara gwiwa, sai ya musanya biyu masu tsauri da masu sauƙi. Da jadawalin guda kuma zai iya fitar da takarda biyu mabambanta masu nauyi ɗaya, ɗaya ga ajin safe, ɗaya ga wanda zai yi bayan tara, ko ga yaron da rashin lafiya ta hana shi zuwa.

Jadawalin ne kuma ke nuna girman rumbun da ake buƙata, da dalilin da ya sa yawan alamomi ke cutarwa. Maudu'i uku, ƙwarewa uku, tsauri uku sun haifar da gida 27. A zuba biyar a kowanne, tambaya 135 ke nan. Wanda ya nace sai maudu'i goma, matakan Bloom shida, da tsauri hawa biyar, ya buɗe wa kansa gida 300. Ko yana da tambaya 400, yawancin gidajen ɗaya ko biyu za su samu, wasu kuma wayam, ya tace ya tace bai sami komai ba.

Tacewa ba ta gama aikin ba, sai ido ya bi takardar daga farko zuwa ƙarshe. Akwai tambayoyin da ba sa zama a takarda ɗaya, domin ɗaya tana tona asirin ɗaya. Tambayar masara da ta 'yan kasuwa biyu suna da lambobi iri ɗaya, 40,000 da 50,000. Wanda ya warware ta farko ya sami rabin ta biyu kyauta. A rubuta lambar kowace a katin 'yar'uwarta don a san ba sa haɗuwa. A kuma duba ranar da kowace ta fita ta ƙarshe, domin tambayar da ke fitowa duk zango takan bi littattafan yayye ta isa ga ƙanne. Alamar hakan a bayyane take: tambayar da ta saba ba da 0.5 ta tashi zuwa 0.9 ba tare da an sauya komai a koyarwa ba. Sai a hutar da ita, ko a sauya mata lambobi a ba ta sabuwar lamba. Tambayoyi kuma suna tsufa. Farashin masara ba ya zama wuri ɗaya, sunayen masu riƙe da muƙamai suna canjawa, manhaja ma ana sake ta, don haka sau ɗaya a shekara a bi rumbun a share.

Rumbu dukiya ce, kuma in ya fita hannu an yi asarar aikin shekaru a dare ɗaya. Ba a ajiye shi a kwamfutar da ɗalibai ke taɓawa, ba a tura shi a zauren WhatsApp na malamai, kuma mai buga takarda tambayoyin ranar kawai ake ba shi, ba fayil ɗin duka ba. A sa masa kalmar sirri, a ajiye kwafi na biyu a wani wuri daban.

Aikin ya fi kyau da hannu da yawa. Kafin tambaya ta shiga, wani malami daban ya amsa ta ba tare da ya ga amsar ba, ya kuma maƙala mata tasa alamar ƙwarewa; in suka saɓa da marubucin, a zauna a duba, domin a irin wannan zama ake kama yawancin kurakurai kafin su isa gaban yara. Malaman lissafi uku, kowanne ya kawo tambaya biyar a mako, cikin mako goma sun tara 150, fiye da abin da gidaje 27 ɗin nan ke buƙata. Abin da ya rage yana hannun shugabannin makarantu: su ware wa kowane sashe awa ɗaya a mako don wannan zama, su kuma sa a ƙidaya amsoshin kowace tambaya kafin a mayar wa yara takardunsu, domin da zarar takardun sun bar ofis, shaidar tsaurin ta tafi da su.